Wasiƙar neman kuɗin miksa da wayoyi: abin da kwamitin majami'a yake son gani

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ne mai kula da kayan sauti a majami'armu a kudancin Kaduna. Miksarmu ta tsufa, wasu layukanta sun mutu, tana ƙara a tsakiyar wa'azi, wayoyin makirufo kuma duk sun sha ɗauri da salatif. Na yi wa dattawa magana da baki har sau biyu, sai suka ce in rubuto wa kwamiti. Yaya zan rubuta wasiƙar don su fitar da kuɗi?

Amsa: Ɗana, kafin ka ɗauki biro, ka ba ni Asabar guda ɗaya. Wannan wasiƙa a bayan miksa ake fara rubuta ta, da mitar gwajin lantarki a hannu da ɗan littafi a gefe. Na shekara da yawa ina wannan aiki, na kuma zauna a kwamitin kuɗi, don haka na ga abin ta fuska biyu. Mafi yawan wasiƙun da ake jingine wa ba don rashin kuɗi ake jingine su ba. Mai rubutun ne yake cewa "kayan sauti sun lalace", ya ɗora wani babban adadi a ƙasa, ya sa hannu. Ma'aji ya duba, ba shi da hanyar gane ko gaskiya ne ko kuwa matasa ne ke sha'awar sabon kaya irin na maƙwabta. Wanda bai iya tantance abu ba, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ce a bari sai zama na gaba.

Abu na farko da za ka tabbatar wa kanka shi ne wane ne mai laifin, miksa ko waya. Kada ka ɗauka ka sani. Sau da yawa ana zagin miksa alhali waya ce ta karye a wuyan fulogi. Gwajin ba wuya. Ka samo makirufo ɗaya da waya ɗaya da ka tabbata lafiyarsu ƙalau, ko da aro za ka yi. Ka sa su a layi na ɗaya, ka yi magana, ka murɗa maɓallin ƙarfin shiga a hankali, ka ja feda, wato maɓallin da ake turawa don ƙara ko rage sautin layi, sama da ƙasa, ka saurara. Ka rubuta abin da ka ji. Sai ka cire, ka koma layi na biyu da wannan makirufo da wannan waya, haka har layi na ƙarshe. Tun da makirufo da waya ba su canza ba, duk bambancin da ka ji daga miksa yake.

A nan kunnenka zai gaya maka irin ciwon. Idan ƙarar ƙaiƙayi ce, wato kar-kar ɗin da ke fita sai lokacin da kake motsa feda ko maɓalli, galibi ƙurar hunturu ce ta shige ciki. Wannan ba mutuwa ba ce, maganin fesawa na wanke kayan lantarki yakan kore ta, aƙalla na wani lokaci. Idan layi yana ɗaukewa ya dawo in ka ɗan buga gefen miksa ko ka ɗaga murya, sau da yawa tsatsa ce a ramin da aka rubuta INSERT a kansa, domin sautin layin ta cikin wannan ramin yake wucewa ko da ba a soka komai a ciki ba. Ka soka jak ka zare sau goma, in sautin ya dawo ka gano wurin. Wani lokacin kuma dalma ce ta tsage a kan allon ciki. Duk waɗannan mai gyara zai iya. Amma idan ka cire duk wayoyin shiga, ka sauke fedodin layuka ƙasa, kuma har yanzu akwai gurnani mai kauri a babbar mafita da ta monita gaba ɗaya, musamman wanda ke ƙaruwa bayan miksa ta yi zafi, to ka zargi sashen wutarta. Wannan shi ne ciwon da ke iya kashe sauti ɗungurungum a tsakiyar sujada. Kafin ka yanke hukunci, ka cire wayar da ke zuwa amfilifaya ka saurara ta abin sawa a kunne. In gurnanin ya ɓace, matsalar tana tsakanin miksa da amfilifaya, wataƙila a soket daban-daban aka jona su, ba a cikin miksar take ba.

Bayan miksa sai wayoyi, kuma yanzu juya gwajin za ka yi: layi ɗaya mai lafiya, wayoyi suna canzawa. Ka manna wa kowace waya lamba da salatif na takarda. Fulogin makirufo mai ƙafa uku, wanda aka rubuta XLR a kwalinsa, mu kuma muke kira kanon, ƙafarsa ta 1 ita ce garkuwa, ta 2 da ta 3 su ke ɗaukar sauti. Ka sa mita a wurin da take yin ƙara in waya ta haɗu. Ƙafa ta 1 ta wannan kai ta yi ƙara da ta 1 ta wancan kai, 2 da 2, 3 da 3. In 2 ta yi ƙara da 3 ko da 1, wayar ta haɗe a ciki. Sirrin da mutane ke tsallakewa shi ne lanƙwasawa: yayin da mita ke ƙara, ka sa wani ya riƙa lanƙwasa wayar a wuyan fulogi, sannan ya bi tsawonta da hannu. Wayar da ta karye a ciki takan ci jarrabawa in tana kwance, ta faɗi da zarar mai waƙa ya motsa. In karayar a wuya take, ka yanke ɗan tsawon yatsa biyu ka sake ɗaurawa da dalma, ta dawo aiki. In a tsakiya take, ko robar ta bushe tana tsagewa, ko garkuwar ta yi baƙi ba ta kama dalma, wannan ta gama yayinta.

Ka yi wannan duka tare da mutum ɗaya daga kwamiti in zai yiwu, ko da dattijon da bai san komai game da lantarki ba. Ka ba shi littafin ya riƙa rubutawa. Ranar zama, shi ne zai ce "ni na ji da kunnena", kuma maganarsa ta fi taka nauyi a wurin.

Bari in ba ka misalin wata majami'a da na taimaka wa, mai ɗaukar mutum wajen ɗari huɗu. Miksarsu an rubuta layi 16 a jikinta, amma ramukan makirufo 12 ne kawai, sauran huɗun layuka biyu ne na sitiriyo da aka ƙirga bibbiyu. A cikin 12 ɗin, huɗu sun mutu murus ko bayan wankewa, saura takwas. Muka ƙirga abin da suke jonawa ranar Lahadi: mimbari ɗaya, mai fassara ɗaya, makirufo marasa waya biyu, mawaƙa huɗu, kibod ɗaya, gita ɗaya, bes ɗaya, ganguna biyu. Goma sha uku ke nan. Wato ko da miksar sabuwa ce fil, ta riga ta yi musu kaɗan da layi ɗaya, balle yanzu da ya rage takwas. Shi ya sa yaron da ke kula da ita yake zare makirufon mawaƙa ya soka na mai wa'azi a tsakiyar sujada, jama'a kuma suna jin "fam!" suna waigowa suna hararsa. Wayoyinsu 22 ne. Tara sun faɗi gwaji. Biyar muka gyara a ranar da dalma, huɗu suka tafi shara. Wasu shida suna aiki amma robarsu ta tsattsage, kwanansu ya kusa. Saboda haka wayoyin da ake bukata goma ne, ba 22 ba. Wannan ragin da muka yi da kanmu shi ne abin da ya fi saye zuciyar ma'aji.

Ga yadda wasiƙar ta kasance. Na sa alƙaluman kuɗi zagaye don ka ga tsarin kawai. Kai naka za su fito ne daga takardun farashin da ka karɓo a makon da za ka rubuta.

Zuwa ga Shugaba da Membobin Kwamiti,
ta hannun Sakataren Ikilisiya.

Iyayena cikin Ubangiji,

Roƙon kuɗi don sauya miksa da wayoyin makirufo

Gaisuwa cikin sunan Yesu Kristi. Ina roƙon kwamiti ya amince da naira 900,000 don kayan sauti, kashi biyu: naira 150,000 a wannan watan don wayoyi, da naira 750,000 kafin ƙarshen watan Nuwamba don miksa.

Dalili shi ne, a Lahadi uku cikin shida da suka wuce sauti ya ɗauke ana cikin wa'azi, kuma iyayenmu da ke zama a baya sun yi kukan ba sa jin mai fassara. Ranar Asabar da ta wuce, ni da ɗaya daga cikin dattawa mun gwada kayan ɗaya bayan ɗaya. A cikin ramukan makirufo 12 na miksa, huɗu ba sa aiki, alhali sujadarmu tana bukatar 13. Miksar kuma tana gurnani bayan ta yi kamar awa guda a kunne. A cikin wayoyi 22, na gyara biyar da kaina ba tare da kuɗin ikilisiya ba. Goma ba su gyaruwa ko sun kusa ƙarewa.

Cikin shekara biyu an kai miksar gyara sau uku, an kashe naira 90,000, an kuma yi hayar wata sau huɗu a kan naira 80,000. Mai gyaran ya rubuta cewa sashen wutarta ya raunana, kuma ba ya ba da tabbacin wani gyaran zai daɗe. Takardarsa tana haɗe.

Kashi na farko: nadin wayar makirufo mai mita 100, naira 90,000; kawunan kanon 20, naira 50,000; dalma da sauran ƙananan kaya, naira 10,000. Ni da matasa biyu za mu haɗa wayoyi goma masu mita goma-goma, ba kuɗin aiki.

Kashi na biyu: miksa mai ramukan makirufo 16, naira 650,000, sitabilaiza don kare ta daga hawa da saukar wuta, naira 80,000, kuɗin mota, naira 20,000. Takardun farashi daga shaguna uku suna haɗe, kuma farashin na makonni biyu ne kawai.

Sifikoki da amfilifaya lafiyarsu ƙalau, ba na neman komai a kansu. Ina roƙon kwamiti ya naɗa mutum ɗaya ya riƙe kuɗin mu je saye tare, rasit kuma ya tafi wurin ma'aji kai tsaye. A shirye nake in nuna wa kwamiti matsalar na minti goma bayan sujada.

Naku cikin hidima,
Mai kula da kayan sauti.

Ka lura adadin kuɗin yana sakin layi na farko. A al'adarmu mukan yi doguwar gaisuwa mu kewaya kafin mu faɗi bukata, kuma a baki hakan ladabi ne. Amma sakatare zai karanta wasiƙarka da ƙarfi a zaman da ke da batun rufin kwano, albashin fasto da gudummawar gunduma, mutane kuma sun gaji. Gaisuwa layi ɗaya ta isa. Ladabin yana cikin "iyayena" da "ina roƙo", da kuma bin ta hannun sakatare, maimakon ka miƙa wa fasto a bakin ƙofa.

Ka lura kuma da abin da aka fara ambata a dalili: wa'azi da tsofaffin da ke baya. Ba a ce kiɗa ba ya daɗi ba. In ka gina roƙonka a kan kiɗa, akwai dattijon da zai tuna maka cewa a zamaninsu da ganga da kacau-kacau kawai ake sujada, kuma ba za ka iya musa masa ba. Amma ba dattijon da zai yarda a tara mutum ɗari huɗu su tashi ba su ji abin da aka karanta ba. Don haka daga yau ka riƙa rubuta rana da lokacin da sauti ya ɗauke. "Lahadi uku cikin shida" magana ce da kowa a ɗakin zai iya tunawa ya gaskata, "kullum" kuwa ƙari ne da za a kama ka da shi.

Raba kuɗin kashi biyu shi ne abin da na fi so ka ɗauka. Kwamiti yana iya amincewa da ƙaramin adadi a zama ɗaya daga abin da ke hannun ma'aji, babban kuwa yakan bukaci baiko na musamman ko a kai shi gaban ikilisiya. In ka haɗe su, ƙaramin zai jira babban. Sannan akwai dalilin aiki: wayoyi ya kamata su riga miksa zuwa. Sabuwar miksa da tsofaffin wayoyi za ta yi ƙara kamar tsohuwar, ranar farko da aka kunna ta kuwa idon kowa yana kanka. Bugu da ƙari, idan kana amfani da makirufo mai bukatar wuta daga miksa, wadda maɓallinta aka rubuta 48V, waya mai ɗaukewa tana dawowa takan haifar da fashewar ƙara mai ƙarfi, irin wannan ƙarar kuma tana iya ƙona ƙaramar sifikar sama. In wayoyi suka zo sauti ya gyaru da rabi, ka faɗa wa kwamiti gaskiya. Ba zai rage maka komai ba, domin layukan da suka mutu suna nan a mace, kuma yanzu an san kai mai faɗin gaskiya ne.

Wani zai tambaya, me ya sa ba za a sake gyarawa ba? Tambaya ce mai kyau, kada ka ji haushinta. Amsarta tana cikin lissafin naira 170,000 da aka riga aka kashe a gyara da haya. Ka nemi waɗannan alƙaluma a littafin ma'aji da kansa, kada ka ƙiyasta. In kuwa gwajinka ya nuna ƙura ce kawai da layi ɗaya ko biyu, kuma layukan sun ishe ku, to ka rubuta wasiƙar gyara, ka manta da sabuwa. Ni a ganina, in kuɗin gyara ya kusa rabin kuɗin sabuwa mai irin girmanta, ko an gyara ciwo ɗaya sau biyu ya dawo, lokacin sauyawa ya yi.

Game da irin miksar da za ka rubuta, abu biyu za ka ƙirga da idonka a shago ko a hoto: ramukan kanon, da mafitar monita da aka rubuta AUX. Lambar da ke jikin kwali tana ruɗi, kamar yadda ka gani a misalin can. Ka ƙirga abin da kuke jonawa ranar da ta fi cika, ka ƙara uku don ranar zumuntar mata ko taron gunduma. Mafitar monita kuwa aƙalla biyu, ɗaya ta mawaƙa, ɗaya ta makaɗa. In kuna ɗaukar sujada a waya don turawa waɗanda ba su zo ba, ka nemi ta uku. Matasa za su matsa maka a sayi ta zamani mai allo da ake sarrafawa da waya. Tana da kyau, tana ajiye saiti, amma ta fi tsada, tana ɗaukar lokaci kafin ta tashi duk sanda aka sauya daga wutar gari zuwa janareta sai in an haɗa mata batirin riƙe wuta, kuma in ta lalace ba kowane mai gyara a gari zai taɓa ta ba. Tambayar da nake yi ita ce: ranar da ka yi tafiya, wa zai zauna a bayanta? In amsar yaron sakandare ne da ka koya wa, mai fedodi ta gargajiya ta fi muku.

Kada ka yarda a cire sitabilaiza don rage kuɗi. Wutarmu 230 ce a takarda, amma ka sa mita a soket ɗin majami'a ranar Lahadi ka ga abin da ke zuwa, musamman lokacin da ake tayar da janareta. Mai yiwuwa wannan ne ya cinye tsohuwar miksar. Ƙaramar sitabilaiza ta miksa da makirufo marasa waya ta wadatar. Amfilifaya tana jan wuta da yawa, kada ka ɗora ta a kai. Ka kuma rubuta ƙa'idar kunnawa ka manna a tebur: janareta ya daidaita tukuna, sai miksa, amfilifaya a ƙarshe; wajen kashewa amfilifaya ce farko.

Wajen waya, ka ce wa mai shago ta jan ƙarfe zalla kake so, mai jijiya biyu da garkuwa. Ka sa ya fere maka ɗan guntu, ka kankare zaren da wuƙa. In ja ne har ciki, to. In ya yi fari a ƙarƙashi, alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana wuyar kama dalma kuma yana saurin karyewa in ana naɗewa ana warwarewa. Kibod da gita kuma kada ka ja musu doguwar wayar jak daga gaba har bayan majami'a, domin irin wannan waya in ta wuce mita biyar ko shida takan fara kwaso gurnani. Akwai ɗan akwati da ake kira DI da ke mayar da jak zuwa kanon. In ba ku da shi, ka ƙara biyu a kashi na farko.

Takardun farashi uku ɗin, ka tabbata kaya iri ɗaya ne a cikinsu, suna ɗaya, lamba ɗaya, in ba haka ba kwamiti zai zaɓi mafi arha ba tare da sanin cewa wani abu ne daban ba. Kana iya samun biyu a Kaduna ko Jos, ɗaya kuma daga kasuwar Alaba a Legas don kwatance, amma ka haɗa da kuɗin kawowa da wahalar mayarwa in an sami matsala. Kowace takarda ta nuna rana da tsawon garanti. Kayan nan daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala, shi ya sa wasiƙar ta faɗi iyakar kwanakin farashi. In kwamiti ya yi wata uku bai zauna ba, ba za a ce ka yi ƙarya ba.

Batun riƙe kuɗi kuwa, kai ka fara ba da shawarar wani ya riƙe, kada ka jira a gaya maka. A kowace ikilisiya akwai mai raɗa cewa mai kayan sauti yana da kamasho a shago. Ku je ku biyu, ku tafi da makirufonku da wayarku, ka gwada kowane layi a gaban mai shago kamar yadda ka gwada tsohuwar, a rubuta lambar jikin miksa a kan rasit da sunan ikilisiya. Tsohuwar kuma kada ta bi ka gida ko da an ce ka ɗauka. Ka roƙi kwamiti ya rubuta a littafin zama inda za ta je, ko ɗakin Makarantar Lahadi inda layukan da suka rage sun yi yawa ma, ko wata ƙaramar majami'ar ƙauye da kuke tallafa wa.

In ranar nunin ta zo, ka kunna miksar tun kafin sujada don ta yi zafi gurnanin ya fito. Ka ba shugaban kwamiti makirufo ya karanta aya ɗaya a layi mai lafiya, sannan ka mayar da shi layin da ya mutu ya sake karantawa. Ka jona makirufon a layi mai lafiya da ɗaya daga cikin wayoyin da suka faɗi gwaji, ka miƙa wa ma'aji wayar ya lanƙwasa da hannunsa yayin da shugaba ke magana. Kai kuma ka yi shiru sai an tambaye ka.